Neman shawara: yadda zan tsara takardar albashin ma'aikatan gidan burodinmu

Maman Hanifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana yana da gidan burodi a nan Kano, ma'aikata tara, ni nake riƙe masa lissafi a Excel. Da a dunƙule muke biyan kowa, yanzu yana so a riƙa cire haraji da fansho, a kuma biya obatayim, don masu gashi suna kai dare a wannan wata na azumi. Ga misalin babban mai gashinmu: tsurar albashi 90,000, alawus ɗin gida 36,000, na mota 20,000, na abinci 10,000, jimilla 156,000. Yana aiki awa 8 a rana, kwana 6 a mako, wannan watan ya yi ƙarin awa 20. Yana biyan hayar 240,000 a shekara, kuma ya karɓi bashin 15,000 da za a cire. Me ake fara cirewa, kuma nawa ne zai shiga hannunsa? Don Allah a taimaka kafin wata ya ƙare.

Baban Walid

Wa alaikumus salam Hajiya. Abin ba wuya. Ki haɗa kuɗinsa na shekara, ki cire masa 200,000 da kashi 20 na albashin, wannan rangwame ne gwamnati ta ba kowa. Abin da ya rage, 300,000 na farko kashi 7, na biyu kashi 11, haka dai har sama. Obatayim kuma doka ta ce ninki ɗaya da rabi. Fansho kashi 8 daga wurinsa, kashi 10 daga wurin mai gida. Na yi shekaru ina yi wa wata makaranta mai zaman kanta wannan lissafin.

Malam Sagir Akanta

Baban Walid, a kan fansho kana da gaskiya, amma lissafin harajin da ka kawo na tsohuwar doka ne, ya daina aiki tun 1 ga Janairun 2026. Sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta soke wancan rangwamen na 200,000 da kashi 20. Yanzu 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansa. Daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15 ne, daga miliyan 3 zuwa 12 kashi 18, sai ya ci gaba da hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Ma'aikatan gidan burodi galibinsu ba za su wuce matakin kashi 15 ba, don haka aikin Hajiya ya ma fi na da sauƙi.

Batun ninki ɗaya da rabi kuma al'ada ce da wurare da yawa suke bi, ba doka ba. Dokar ƙwadago ta ce duk awar da ta wuce lokacin aikin da aka yi yarjejeniya a kai obatayim ce, amma ba ta yanke farashinta ba. Abin da mai gida da ma'aikaci suka amince a kai shi ne abin biya. Shi ya sa, Hajiya, tun kafin ki taɓa kwamfuta, ki sa Alhaji ya zauna da su a rubuta: awa nawa ne aikin rana, nawa ne kuɗin ƙarin awa. Zan yi lissafin da ninki ɗaya da rabi tunda shi aka fi sani.

Farko sai a san nawa ne awarsa ɗaya. Mai aikin kwana 6 a mako yana yin kamar kwana 26 a wata, kowace rana awa 8, ke nan awa 208. Idan kika raba 156,000 gida 208, awa ɗaya ta kama 750. Ninki ɗaya da rabi ya zama 1,125. Awa 20 ta ba shi 22,500. To kuɗinsa na wannan wata kafin a cire komai 178,500 ne.

Sai fansho, shi ake fara cirewa. Amma ba a kan 178,500 za ki ɗora kashi 8 ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce mafi ƙarancin abin da ake lissafawa a kai shi ne tsurar albashi da alawus ɗin gida da na mota, sai in takardar ɗaukar aikinsa ta faɗi fiye da haka. A wurinsa waɗannan ukun 146,000 ne. Kuɗin abinci da obatayim ba sa ciki. Kashi 8 na 146,000 shi ne 11,680, wannan daga albashinsa yake fita. Kashi 10 na mai gida 14,600 ne, kuma daga aljihun Alhaji zai fito, ba ya taɓa albashin mai gashi ko da kwabo. Amfanin wannan tsari shi ne fanshonsa ba ya motsi: ya yi obatayim ko bai yi ba, 11,680 ne duk wata. Duk ranar da kika ga wannan lambar ta canja alhali ba a yi masa ƙarin albashi ba, to fomular ta kamo abin da ba nata ba.

Dalilin da ya sa fansho yake gaban haraji shi ne ba a biyan haraji a kan kuɗin da ya tafi fansho. Haka kuma sabuwar dokar ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 na hayarsa ta shekara, iyakarsa 500,000. Hayar 240,000 ta ba shi 48,000. Amma ki karɓi rasit ɗin hayar ko takardar yarjejeniyarsa da mai gidan ki ajiye kwafi a fayil ɗinsa, kada ki saka shi a kan ya ce kawai. Wanda yake zaune a gidansa ko gidan gado ba shi da wannan rangwamen.

Haraji na shekara ne, don haka a shekara ake auna shi. Albashinsa na kullum 156,000, a cire fansho, saura 144,320. Sau 12 ya zama 1,731,840. A cire rangwamen haya, saura 1,683,840. A ajiye 800,000 da ba a taɓawa, saura 883,840. Kashi 15 na wannan shi ne 132,576 a shekara, wato 11,048 a wata. Wannan ne harajinsa a watan da bai yi ƙarin awa ba. Obatayim kuwa haraji yana binsa, kuma tunda albashinsa ya riga ya cinye 800,000 ɗin nan, duk 22,500 ɗin kashi 15 zai hau kansa, 3,375 ke nan. Harajin wannan wata ya zama 14,423.

Bashi shi ne na ƙarshe, don ba ya rage haraji, kuɗinsa ne ya ci tun kafin wata ya ƙare. Daga 178,500 ki cire 11,680, ki cire 14,423, ki cire 15,000. Abin da zai gani a alat ɗinsa 137,397 ne.

Maman Hanifa

Allah Ya saka da alheri Malam, na bi da na'urar lissafi kuma ya fita daidai. Abu ɗaya ne ban gane ba. Me ya sa ka ware harajin obatayim daban? Wata takarda da na samu a intanet tana haɗa komai na watan ne ta ninka sau 12, na gwada da ita, ita ma 14,423 ta ba ni.

Malam Sagir Akanta

A kan wannan mutumin duk hanyoyin biyu wuri ɗaya suke kaiwa, domin yana tsakiyar matakin kashi 15, obatayim bai fitar da shi daga ciki ba. Matsalar tana wurin ƙananan ma'aikatanki, kuma su ne waɗanda naira dubu biyu take yi wa ciwo.

Ɗauki yaro mai ɗaure burodi a leda, a ce albashinsa 65,000, duka tsura ne da gida da mota. Fanshonsa 5,200, saura 59,800, a shekara 717,600. Bai kai 800,000 ba, babu haraji a kansa. A watan azumi ya yi obatayim na 20,000. Takardar da kika samu za ta haɗa ta ce 79,800, ta ninka sau 12, ta ɗauka wai yaron nan 957,600 yake samu a shekara, ta cire masa 1,970. Alhali a zahiri sau ɗaya ya samu 20,000 ɗin nan, kuɗinsa na shekara 737,600 ne, gwamnati ba ta bin sa komai. Kin cire masa kusan kashi ɗaya cikin goma na wahalar darensa a banza, kuma in kuɗin ya riga ya shiga asusun hukumar haraji, dawo da shi ba ƙaramin zirga-zirga ba ne.

Gyaran shi ne albashin kullum kaɗai ake ninkawa sau 12. Obatayim ana tara shi ne wata bayan wata a ɗora a kai. Yaron nan yana da sauran filin 82,400 kafin ya taɓa 800,000. Sai ranar da obatayim ɗinsa na shekarar ya wuce wannan ne haraji zai fara, shi ma a kan abin da ya haura kawai. Don haka takardarki tana bukatar kolum guda na obatayim ɗin watannin baya, wanda yake komawa sifili duk watan Janairu.

Abdul Kwamfuta

Anti, bari in mayar miki da bayanin Malam cikin Excel. Kowane ma'aikaci layi ɗaya. A suna, B tsura, C gida, D mota, E abinci, F awannin ƙari, I hayar shekara, K obatayim ɗin watannin baya, M bashi. Waɗannan ne kawai za ki riƙa cikewa da hannu. Sauran su lissafa kansu:

```
G2 =SUM(B2:E2)/208*1.5*F2
H2 =SUM(B2:D2)*8%
J2 =(SUM(B2:E2)-H2)*12-MIN(I2*20%,500000)
L2 =ROUND(MAX(0,J2-800000)*15%/12+(MAX(0,J2+K2+G2-800000)-MAX(0,J2+K2-800000))*15%,2)
N2 =SUM(B2:E2)+G2-H2-L2-M2
```

G kuɗin obatayim ne, H fansho, J kuɗin shekara da haraji zai bi, L harajin wata, N abin da zai shiga hannu. Na saka lambobin a ciki ne don ki gan su a fili, amma in kin gane, ki kwashe 208 da 1.5 da 800000 ki ajiye kowanne a akwatinsa a saman takardar, fomula ta riƙa ɗauko su daga can. Ranar da aka canja doka ko Alhaji ya canja farashin awa, wuri ɗaya za ki gyara.

Ki sani L2 ɗin nan ta waɗanda J da K da G ɗinsu a haɗe bai wuce miliyan 3 ba ce. In akwai manaja mai albashi mai kauri, ba za ta yi masa daidai ba, za ta rage masa haraji, don abin da ya haura miliyan 3 kashi 18 ne. In kuna da irinsa ki faɗa in rubuta miki tasa daban.

Sai abin da yake kayar da mutane da yawa, wato yadda ake rubuta awa a F. Ki rubuta 20 tsurarta. In kika rubuta 20:00, Excel zai ɗauke shi a matsayin ƙarfe takwas na dare, wato wani yanki na kwana ɗaya, 0.83 da 'yan kai, sai ki ga obatayim ɗin mai gashi ya fito 937.50 maimakon 22,500. Wannan da sauƙi, ido zai kama shi nan take. Wanda ba a kamawa shi ne awa biyu da rabi. Mai rubuta littafin shiga da fita zai rubuta 2.30, ke kuma ki kwafe haka, alhali 2.5 ne. Minti 30 rabin awa ne, 15 kuma 0.25, 45 kuwa 0.75. Duk sanda aka saka 2.30 an ci mutum minti 12, kuma ba wanda zai lura sai shi da yake ƙirga nasa a takardar aljihu.

Hajiya Turai

Ni shagon ɗinki gare ni a Zariya, yara shida. Duk wannan lissafin na gode da shi, amma ni 30 nake raba albashi da shi, ai wata kwana 30 ne, kuma ba wanda ya taɓa yi min ƙorafi. Sannan maganar gaskiya, yaran nan ba sa son a cire musu fansho. Na taɓa kawo maganar, babbar cikinsu ta ce min Hajiya ki ba ni kuɗina in yi adashina, wa ya san ko zan kai lokacin. Wani kuma ya ce shi ba ya son a juya masa kuɗi a harkar ruwa. Me zan ce musu? Maman Hanifa, ki tabbata ma'aikatanku sun yarda tukuna, kada wata ya ƙare su ga alat ya ragu da dubu ashirin da wani abu a yi rigima a bakin tanda.

Kawu Iro

Hajiya Turai, ni na yi aikin masaƙa a Kaduna har aka rufe ta, kuma na riƙe muƙami a ƙungiyarmu ta ma'aikata, bari in yi magana a kan 30 ɗin nan. Rashin ƙorafi ba ya nufin an yi daidai, sau da yawa ma'aikaci bai san yadda aka fitar da lambar ba ne. Ki gwada da mai gashin nan. In aka raba 156,000 gida 30, sannan gida 8, awarsa ta dawo 650 maimakon 750. Obatayim ɗin awa 20 ya zama 19,500. An rage masa 3,000, don an lissafa da ranakun hutunsa kamar yana aiki a cikinsu.

Ban ce raba da 30 haramun ba ne. In haka aka rubuta aka amince, shi ke nan. Abin da ba na yarda da shi, kuma na gan shi da idona a wurare, shi ne mai gida ya raba da 30 in zai biya obatayim, amma ranar da ma'aikaci ya yi fashin aiki sai ya raba da 26, don kuɗin ranar ya fito 6,000 maimakon 5,200. Mudun saye daban, na sayarwa daban. 'Yata Maman Hanifa, lambar da kika zaɓa, ita za ki yi amfani da ita a wurin ƙari da wurin ragi.

Batun bashi kuma a yi hattara. Dokar ƙwadago ta hana a cire wa ma'aikaci fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa a wata guda. Na wannan watan bai kai ba, duk abin da aka cire masa 41,103 ne cikin 178,500. Amma bayan Sallah za ki ga wanda ya ci bashin ɗinkin yara da na cefane, in aka ce a cire gaba ɗaya zai koma gida hannu rabbana. A raba masa wata uku ko huɗu, a rubuta, ya sa hannu.

Malam Sagir Akanta

Kawu ya gama magana a kan 26 da 30. Hajiya Turai, shi wanda yake gudun ruwa akwai amsarsa. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe asusun da babu ruwa a cikinsa, ana kiransa Fund VI, kuɗin ana juya shi ne a irin su sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci. Ma'aikaci ne da kansa zai nemi kamfanin fanshonsa ya mayar da shi can. Kamfanin ma shi yake zaɓar wanda yake so, ba mai gida ba. Zai buɗe asusu da sunansa, a ba shi lamba, ya kawo wa mai biyan albashi. Asusun nasa ne, ko ya bar gidan burodin yana tafiya da abinsa. Ita kuma mai son adashi, a nuna mata lissafi a fili: a misalin nan mutum ya ajiye 11,680, amma 26,280 ne yake shiga asusunsa duk wata. Wannan 14,600 ɗin in ya ƙi fansho ba a hannu za a ba shi ba.

Amma shawararki ta a sanar da su tukuna, na goyi bayanta ɗari bisa ɗari. Mutumin da ya saba karɓar 156,000 cif, a watan da babu obatayim zai ga 133,272. Ragin 22,728 ba abin da za a bari ya gani a waya ba tare da an zaunar da shi ba ne. Wasu masu gida sukan ɗan ƙara albashi a watan farko don rage zafin, wannan kuma tsakanin Alhaji ne da aljihunsa.

Baban Walid

Na gode da gyara Malam, zan je in duba sabon jadawalin. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Ni abin da na sani, fansho bai zama dole ba sai ma'aikata sun kai 15. Su Hajiya tara ne. Me zai sa Alhaji ya ɗora wa kansa kashi 10 na mutum tara a wannan tsadar fulawa da sukari?

Malam Sagir Akanta

Wannan jan naka yana da tushe. Dokar 2014 ta ambaci ma'aikata 15 ko fiye a kamfanoni masu zaman kansu, sannan ta yi maganar masu ƙasa da mutum 3 da masu sana'ar kansu, ta ce suna iya shiga bisa ƙa'idar hukuma. Masu 3 zuwa 14 ba ta fayyace su ba. Ita PenCom tana ɗaukar cewa daga mutum 3 abin ya hau kan mai gida, akwai kuma lauyoyin da suke cewa sai 15. Ni a ra'ayina ya shiga, musamman in yana da niyyar neman kwangilar kai burodi wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, don a can ana neman takardar shaidar biyan fansho. Amma ba zan ce maka magana ta ƙare ba.

Abin da babu ja a kansa shi ne wannan: in dai an cire, to a tura. Fansho cikin kwana 7 na aiki daga ranar da aka biya albashi, in aka makara akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 na kuɗin ba a kowane wata. Haraji kuma kafin 10 ga watan da ke biye, ga hukumar harajin jihar da ma'aikacin yake zaune, ba jihar da gidan burodin yake ba. Mazauna Kano nasu KIRS zai tafi, in akwai mai zuwa daga Jigawa nasa can za shi. Sannan kafin ƙarshen Janairu ana kai wa hukumar bayanin abin da aka biya kowa da abin da aka cire masa a shekarar da ta wuce. Shi haraji babu ruwansa da yawan ma'aikata, ko mutum ɗaya ne in albashinsa ya kai sai an cire.

Ina nanata wannan ne don na ga inda ake cirewa a takarda, kuɗin kuma ya zauna a asusun kasuwanci a sayi fulawa da shi, da niyyar za a biya in an samu sarari. Ma'aikaci yana ganin an cire masa, sai bayan shekara biyu ya duba asusunsa ya tarar babu komai. Wannan cin amana ne, gara tun farko a ce ba za a yi ba. Hajiya, ranar da za ki tura albashi, ki ware kuɗin haraji da na fansho a ranar.

Maman Ilham

Don Allah tunda ana maganar fansho, mahaifina ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma har yanzu ba a biya shi giratutinsa ba, wa ya san inda ake bi?

Kawu Iro

'Yata, Allah Ya kawo masa mafita, abin da ciwo. Amma nasa na gwamnatin jiha ne, hanyarsa daban da wannan. Ki buɗe tambayarki ita kaɗai ki faɗi jiharku, waɗanda suka bi hanyar za su gani.

Abdul Kwamfuta

Anti, ƙari ɗaya kafin ki tura kuɗi. A ƙasan takardar ki haɗa jimillar kowane kolum, sannan ki saka wannan a gefe, a ce ma'aikatan suna layi na 2 zuwa na 10:

```
=ROUND(SUM(B2:E10)+SUM(G2:G10)-SUM(H2:H10)-SUM(L2:N10),2)
```

Dole ta ba ki 0. In ta ba da wani abu daban, to akwai layin da aka goge fomularsa ta N aka rubuta lamba da hannu, ranar da wani ya zo yana sauri. Kuma kada ki riƙa goge watan jiya ki rubuta na yau a kansa. Kowane wata shafinsa daban, K na sabon wata shi ne K da G na watan da ya wuce a haɗe. Ki kuma ƙara kolum na kashi 10 na mai gida a can gefe, bayan N, don Alhaji ya ga ainihin abin da mutum yake ci masa. Mai gashin nan a wannan wata 193,100 ne, ba 178,500 ba, kuma ban saka kashi 1 na NSITF ba, wanda shi ma mai gida ne yake biya saboda raunin da ake ji a wurin aiki. A wurin da ake aiki da tanda da injin murza ƙullu, wannan ba abin wasa ba ne.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na saka mutum taran, akwatin gwajin ya ba ni 0, kuma huɗu daga cikinsu babu haraji a kansu ko da obatayim ɗin. Na kai wa Yaya lissafin. Ya yarda da 26 da ninki ɗaya da rabi, zai tara su gobe bayan sallar la'asar a karanta musu. Fansho ya ce sai bayan Sallah, in kowa ya kawo lambarsa, don haka wannan watan H zai zauna a sifili. Sai dai ya ce shi a ganinsa bai kamata kuɗin abinci ya shiga lissafin awa ba, tunda ana ba su sahur a wurin. In aka cire shi awar ta dawo 701 da 'yan kai. Malam, ya kake gani?

Malam Sagir Akanta

Doka ba ta hana shi ba, akwai ma wuraren da tsurar albashi kaɗai suke rabawa. Bambancin a awa 20 bai kai 1,500 ba, ni da zan ba shi shawara da ya bar musu. In ya dage, a faɗa musu gobe a wurin taron, a rubuta, ki mayar da G2 ta riƙa haɗa B zuwa D.

Ki kuma lura, tunda babu fansho wannan watan, harajin mai gashin zai ɗan hau, don 11,680 ɗin nan yanzu haraji zai bi shi. Ƙarin 1,752 ne, harajin ya zama 16,175. In kuɗin abinci ya zauna a lissafin awa, abin da za ki tura masa 147,325 ne.